Gajeren Saƙon da ke Samar wa Mutum Gurbi a Jadawalin Taro

Kafin a buga jadawalin kowane babban taron ƙara wa juna sani, akwai wani zama da mahalarta ba sa gani. Wasu mutane ne 'yan kaɗan, yawancinsu malaman jami'a ko ma'aikata masu nasu aikin, ake ɗora wa nauyin tace buƙatun masu son yin jawabi. Galibi aikin sa kai ne, da dare ko ranar hutu suke yinsa. A hannu ɗaya suna da tarin saƙonnin imel, a ɗaya hannun kuma takarda mai gida-gida: rana kaza, zaure kaza, ƙarfe kaza. Aikinsu shi ne su cika gidajen nan da jawaban da za su sa mutane su zauna har ƙarshe.

Lissafin ba shi da wuya. A ƙaddara taron na kwana 2 ne, ana amfani da zaure 3, kowane zaure kuma yana ɗaukar jawabi 6 a rana. Gurbi 36 ke nan. Idan mutum 200 suka nema, fiye da huɗu cikin biyar za su sami amsar ba da haƙuri. Ɗan kwamitin da ya ba kowane saƙo minti uku kacal sai ya shafe awa 10 yana karatu kafin ya gama. Wanda ya san wannan ba zai aika shafi huɗu ba, kuma ba zai ɓoye muhimmiyar maganarsa a sakin layi na ƙarshe ba.

Abu uku ɗan kwamiti yake nema, don da su yake cika takardarsa. Yana son ya san abin da za a yi magana a kai, don ya san rukunin da zai saka jawabin. Yana son ya san waɗanda aka yi wa jawabin, don ya zaɓi zaure ya kuma kauce wa haɗa jawabai biyu masu neman mutane iri ɗaya a sa'a guda. Sannan yana son ya san abin da mai sauraro zai fita da shi, wanda bai shigo da shi ba. Na ukun nan ne ya fi ba mutane wahala, shi ne kuma ya fi yanke hukunci.

A ɗauki misalin wata malamar gona da ta daɗe tana aiki da manoman wake. Ta ga sanarwar wani taro kan adana amfanin gona bayan girbi, tana son ta yi magana a kan buhun nan da ake kira PICS. Buhun sananne ne a karkarar Nijeriya da Nijar. Asalinsa binciken da masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka suka yi tare da takwarorinsu a Marwa, arewacin Kamaru, a ƙarshen shekarun 1980, kuma daga 2007 aka shiga yaɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure kowace leda da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin da ke cikin waken su cinye 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, daga nan su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Malamar ta ga inda buhun ya yi aiki, ta kuma ga inda aka kwance shi bayan wata huɗu aka tarar da wake ya zama gari. Tana da abin faɗa ƙwarai. Ga yadda saƙonta na farko ya fito:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya iyali. Ina mai farin cikin rubuto muku wannan takarda domin neman ku ba ni dama in gabatar da maƙala a wannan taro mai albarka. Kamar yadda kowa ya sani, noma tushen arziki ne, kuma wake yana da matuƙar muhimmanci ga rayuwar al'ummarmu. Maƙalata za ta yi tsokaci a kan matsaloli da ƙalubalen adana wake, tare da kawo shawarwari masu amfani. Za ta amfani manoma da 'yan kasuwa da ɗalibai da gwamnati da sauran al'umma baki ɗaya. Da fatan za a duba buƙatata da idon rahama."

Babu rashin ladabi a saƙon, kuma babu ƙarya. Amma ɗan kwamitin da ya karanta shi bai ƙaru da komai ba. Bai ji sunan buhun ba. Bai san ko malamar ta taɓa shiga rumbu ba, ko daga littafi ta kwaso. Ba zai iya zaɓar zaure ba, tunda an ce jawabin na kowa ne. Mafi muni, da za a cire wake a sa gyaɗa ko albasa, saƙon ba zai canja ba ko kaɗan. Wannan ita ce alamar farko da mai rubutu zai gane cewa saƙonsa bai nuna ba tukuna: idan wani mutum dabam mai wani batu dabam zai iya sa hannu a ƙarƙashinsa, to har yanzu ba a faɗi komai ba.

Masu shirya taruka sun daɗe suna fama da irin wannan. A 1993, a wani zama na taron masana manhajar kwamfuta da ake kira OOPSLA, an tattauna yadda ake rubuta takardar da kwamiti zai karɓa. Kent Beck, ɗaya daga cikin masu maganar, ya ba da shawarar da har yau ake koyar da ita: a gina tsakuren da jimla huɗu. Ta farko ta faɗi matsalar. Ta biyu ta faɗi dalilin da ya sa ta zama matsala. Ta uku ta kawo maganar da za ta sa mai karatu ya ɗago kai, wato abin da aka gano. Ta huɗu ta faɗi abin da zai biyo baya in maganar gaskiya ce. Ya kuma ja hankali cewa jimla ta ukun ce za a fara nema, kafin a rubuta sauran. Chris Anderson, wanda ya shugabanci tarukan TED, inda aka san jawabi da kada ya wuce minti 18, ya kawo makamanciyar wannan a littafinsa na 2016: mai jawabi ya gwada taƙaita zaren maganarsa cikin kalmomin da ba su wuce 15 ba.

Da malamar ta zauna neman jimlarta ta uku, sai ta ga ba ta taɓa furta ta ba ko a zuciyarta. Ta fara da "adana wake yana da ƙalubale", ta ga babu wanda zai musa, don haka babu wanda zai taso daga wani zaure ya zo ya ji. Ta koma "buhun PICS yana da amfani", ta ga mahalarta irin wannan taro sun san haka tun tuni. Sai da ta tambayi kanta abin da ta gani da idonta wanda ya saɓa wa abin da mutane ke faɗa, sannan maganar ta fito. Manoma suna cewa buhun ne ya daina aiki, ko an shigo da jabu. Ita kuwa, a buhunan da ta bi diddigi, abin da ta fi tararwa shi ne ƙaramin huji a leda, ko ɗauri guda da aka yi wa ledojin a haɗe maimakon kowace da nata, ko ɓera da ya samu buhu a ƙasa. Wannan magana ce da wani zai iya tashi ya ce bai yarda ba. Shi ya sa ta cancanci gurbi.

Ga saƙon bayan gyara. A layin take ta rubuta: "Neman gurbin jawabi, minti 20: me ya sa wake ke lalacewa a buhun PICS". Sai jikin saƙon:

"Assalamu alaikum, Shugaba da 'yan kwamiti. Ina neman gurbin minti 20 a rukunin adana amfanin gona.

Wasu manoma suna barin buhun PICS suna komawa ga zuba maganin ƙwari a wake, saboda sun kwance buhu sun tarar ƙwaro ya ci. Na yi damina biyu ina duba buhunan da suka gaza a ƙauyukan da nake aiki. A mafi yawansu laifin ba na buhun ba ne: huji ne, ko ɗauri, ko ɓera, kuma dukkansu ana iya gane su kafin a zuba wake.

Jawabin na malaman gona ne da dillalan buhu, waɗanda suka riga suka san buhun. Ba zan maimaita tarihinsa ba.

Wanda ya saurara zai fita da gwaji uku da zai koya wa manomi cikin 'yan mintoci, ba tare da kayan aiki ba. Zan zo da buhu in nuna a gaban jama'a, don haka tebur nake buƙata, ba majigi ba. Idan babu gurbin minti 20, zan iya yin gwajin huji kaɗai cikin minti 5.

Na gode."

A ƙasa ta sa sunanta da aikinta da lambar waya, layi biyu. Duka saƙon bai kai kalma 200 ba, yana shiga fuskar waya da ɗan ja sau ɗaya ko biyu.

Abin da ya fi tsorata masu rubuta irin wannan saƙo shi ne sakin layi na biyu. Da yawa suna ganin in sun faɗi abin da suka gano tun a imel, sun zubar da jawabin, ko kuma wani zai sace. Sai su rubuta cewa sakamakon zai ba kowa mamaki, a bari sai ranar taro. Wannan kuskure ne mai tsada. Kwamiti ba 'yan kallo ba ne da ake ja wa rai. Masu saye ne, kuma ko a Dawanau ba a sayen buhu sai an soka an ga ƙwayar. Ɗan kwamitin da ba a nuna masa sakamakon ba zai ɗauka babu shi, ko kuma mai saƙon bai gama aikin ba yana fatan ya gama kafin ranar. Jimla ɗaya ba ta maye gurbin jawabi. Wanda ya karanta cewa huji ne ke ɓata wake bai ga yadda ake cika leda da iska a murɗe bakinta a danna a saurara ba, kuma don ya ga hakan ne zai zo.

Akwai kuma bambanci tsakanin batu da abin da za a tafi da shi, wanda mutane ke yawan haɗawa. Batu yana amsa "a kan me?", shi kuwa na biyun yana amsa "sai me zan yi ranar Litinin in na koma wurin aiki?" Hanyar gane shi ita ce a duba aikatau ɗin jimlar. In an rubuta cewa mahalarta za su fahimta, ko za su wayu, ko za su ƙara sani, babu wanda zai iya aunawa. In an rubuta cewa za su iya gwada leda, ko su ɗaure buhu, ko su zaɓi tsakanin hanya biyu, to ana iya tsayar da mutum a bakin ƙofa a tambaye shi. Kuma guda ɗaya ya isa. Minti 20 ba ya ɗaukar darasi bakwai. Malamar ta raba nata haka: minti 3 na yadda buhun ke kashe ƙwaro, minti 10 na nuna gwaje-gwajen, minti 2 na taƙaitawa, sauran 5 na tambayoyi. Ta so ta saka maganar farashin wake da ta bashin manoma, lissafin mintocin ya nuna mata babu wuri, sai ta bar su. Wanda bai yi wannan lissafi ba kafin ya aika saƙo shi ne ake gani ranar taro, shugaban zama yana miƙa masa takardar "lokaci ya ƙare" alhali bai fita daga gabatarwa ba.

Batun masu sauraro ya fi sauƙi, amma yana buƙatar ƙarfin hali, don sai mutum ya yarda ya cire wasu. Cewa jawabi na malaman gona ne da dillalan buhu yana nufin ba na ɗalibin da bai taɓa ganin buhun ba ne, ba kuma na masanin ƙwari mai neman alƙaluman ɗakin gwaji ba. Mai rubutu yakan ji kamar yana rage wa kansa kasuwa. A wurin kwamiti kuwa taimako ne babba, domin sukan so jadawalinsu ya ƙunshi na masu farawa da na ƙwararru, kuma ba za su iya daidaitawa ba in kowa ya ce nasa na kowa ne. Jimlar da malamar ta ƙara, cewa ba za ta maimaita tarihin buhun ba, ta gaya musu matakin jawabin fiye da kowane laƙabi.

Gaisuwa fa? Ba a ce a yar da ita ba. Bahaushe ba ya faɗa wa mutane magana babu sallama, kuma babu kwamitin da zai ƙi saƙo don an gaishe shi. Layi ɗaya ne dai haƙƙinta a nan. Dalilin a fili yake: akwatin imel yana nuna take da 'yan kalmomin farko kawai kafin a buɗe saƙo, to in duk gaisuwa ce ta cinye wurin, saƙonni ashirin sai su zama iri ɗaya a ido. Haka ma dogon tarihin karatu da jerin lambobin yabo. Jimlar da ta ce ta yi damina biyu tana duba buhunan ta fi takardun shaida biyar amfani, don ta amsa ainihin tambayar: me ya sa ita ce za ta yi wannan magana, ba wani ba? Roƙo da idon rahama kuwa, duk da kyawun niyyarsa, yana mai da abin kamar alfarma ake nema, alhali malamar kaya ta kawo wa taron.

Sai dai akwai tarukan da ma ba a son a san ko wane ne. Taron PyCon na Amurka, na masu amfani da harshen kwamfuta na Python, yana ɓoye sunayen masu nema a zagayen farko na tacewa, don kada suna ko wurin aiki ya rinjayi alƙalai, kuma mujallu da tarukan jami'a da yawa suna yin haka. A irin wannan wuri, wanda ya rubuta sunan ma'aikatarsa a tsakiyar tsakure ya karya doka. Shi ya sa karanta sanarwar neman maƙalu, daga farko har ƙarshe, yake zuwa kafin rubutu. A cikinta ake faɗin harshen da za a rubuta, ko Ingilishi ko Faransanci ko Hausa ko Larabci, da iyakar kalmomi, da sunayen rukunoni, da tsawon jawabi. Manyan taruka da dama ma ba sa karɓar imel, fom suke bayarwa ta manhajoji irin su EasyChair ko Sessionize ko pretalx. Gidajen fom ɗin kuwa su ne dai waɗannan tambayoyi: take, tsakure, masu sauraro, mataki, abin da za a koya. Wanda ya riga ya rubuta gajeren saƙonsa sai dai ya rarraba shi. Imel kai tsaye ya fi aiki a ƙananan taruka, da na sassan jami'a, da kuma inda sanarwar ta ba da adireshi ta ce a turo.

Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne ranar rufewa. Tarukan duniya da yawa sukan rubuta lokaci su bi shi da haruffa uku, AoE. Ma'anarsu ita ce ba a rufe ba muddin akwai inda ranar ba ta ƙare ba a doron ƙasa, wato agogon da ke bayan na Landan na hunturu da awa 12. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi suna gaban wancan agogo da awa 13. Saboda haka in an ce 23:59 AoE ranar 15 ga wata, a Kano ko Maraɗi ƙarfe 12:59 na ranar 16 ke nan, a Kumasi kuma 11:59 na safe. Wannan rangwame ne ga wanda wuta ko data ta yanke masa da dare. Amma in sanarwar ta ambaci agogon wani gari a gabashin duniya, kamar Tokiyo, lissafin juyawa yake yi, a rufe tun mutum yana tsakiyar yini. A duba haruffan da ke bayan lokacin kafin a dogara da kwanan watan.

Ba kowace gayyata ce ta cancanci wannan wahala ba. Akwai masu shirya taruka don kuɗin rajista kawai, suna tura gayyata ga duk adireshin da suka samu. A 2005 wasu ɗalibai uku na jami'ar MIT suka rubuta manhajar SCIgen, mai harhaɗa takardun da ba su da ma'ana ko kaɗan, kuma wani taro ya karɓi ɗaya daga ciki. Alamomin ba su ɓuya: taro guda da ya haɗa likitanci da noma da injiniyanci da adabi, amsar karɓa da ke zuwa cikin kwana ɗaya ko biyu haɗe da takardar biyan kuɗi, da kwamitin da ba a san kowa a cikinsa ba a fagen. Kwamitin gaskiya yakan ɗauki makonni, yakan kuma ƙi mutane.

Kafin ta danna aikawa, malamar ta yi gwaji ɗaya da ya kamata kowa ya yi. Ta ba wani abokin aikinta saƙon ya karanta sau ɗaya, ta karɓe wayar, ta ce ya faɗa mata a kan me jawabin yake, na su wane ne, kuma me za su koya. Da ya yi tuntuɓe a ɗaya, da wurin ne ke buƙatar gyara. Ba ta liƙa wata takarda ba tunda ba a nema ba, domin ɗan kwamiti da ke karatu a waya ba lallai ya buɗe ta ba. Ta tura wa adireshin kwamitin da ke cikin sanarwa, ba wa wani da ta sani a cikinsu ba, don saƙon da ya bi ta bayan gida yakan ɓace a akwatin mutum ɗaya, yakan kuma sa shi cikin kunya.

Bayan aikawa sai jira. Sanarwa takan faɗi ranar da za a ba da amsa, kuma kafin ranar babu amfanin tuntuɓa. In ta wuce da mako guda shiru, layi biyu sun isa, a ƙarƙashin saƙon farko don kada a sa su nema: sallama, sannan tambaya ko an kammala tacewa. In amsar ta zo da ba da haƙuri, ba laifi ba ne mutum ya nemi a gaya masa abin da alƙalai suka lura da shi, kuma kwamitoci da yawa sukan bayar. Sau da yawa dalilin ba rauni ba ne, mutum uku ne suka kawo batu ɗaya gurbi kuma guda. A irin wannan hali ne jimlar ƙarshe ta saƙon malamar take aiki, don taruka da dama suna ware sa'a guda ta gajerun jawabai na minti biyar-biyar, kuma wanda ya riga ya ce zai iya shi ake fara tunawa.

Ga mai karatun da ke da sanarwar taro a wayarsa yanzu: ya buɗe ta ya duba ranar rufewa da agogon da aka yi amfani da shi, sannan ya rubuta jimlar abin da ya gano kafin ya rubuta sallama.